Hotunan kaya ɗari shida ana son canza musu bango: Action na Photoshop, ImageMagick ko rembg?

Wanda ya taɓa karɓar aikin katalog ya san yadda abin ke zuwa. Mai shago zai turo maka hotuna a folda ɗaya, takalma da jakunkuna da turare da mayafai duk a cakuɗe, wasu an ɗauka kan farin kwali wasu kan tayil wasu ma kan kafet, ya ce duk a mayar da bayansu fari tas, girmansu ɗaya, kuma nan da kwana uku yake so. Aikin da zan riƙa kafa misali da shi hotuna 640 ne: takalma da jakunkuna 380, kwalaben turare 140, mayafai da leshi 120. In ka ce da hannu zaka bi kowanne da Pen Tool, a ce minti biyar-biyar, minti 3,200 kenan, sama da awa 53 kana zaune. Toh dole a nemi hanyar da kwamfuta zata bi su a jere, kuma a nan mutum ke tsayawa yana rasa wacce zai kama.

Kafin a kwatanta komai akwai abin da nake so ya zauna a kai, saboda shi ne zai sauƙaƙa zaɓin. Canza bango aiki biyu ne. Na farko yanke kayan daga tsohon bangon, na biyu ɗora shi kan sabo da saita shi a tsakiya da daidaita girma. Na biyun lissafi ne zalla, duk hanyoyin nan suna yinsa ba kuskure. Na farkon ne ke da wuya don sai manhajar ta gane ina kaya ya ƙare ina bango ya fara, kuma duk bambancin da ke tsakaninsu a nan yake.

Abubuwa huɗu nake aunawa. Kuɗi, wato abin da zaka biya yau da wanda zaka ci gaba da biya, har da data. Ɗorewa, wato in bayan wata huɗu mai shagon ya turo sababbin hotuna 200, ko ka canza laftof, ko yaronka ne zai yi aikin, shin tsarin zai tashi yadda yake. Sauƙi, ba na koyo kaɗai ba har da na gyara in wani hoto ya lalace. Sai haɗari, kuma haɗari iri biyu ne a aikin nan: ka goge hotunan asali ba ka sani ba, ko ka miƙa hotunan da suka lalace ba ka gani ba saboda yawansu.

Action na Photoshop

Action rikodin ne na abin da ka danna. Ka buɗe hoto ɗaya, ka shiga Window > Actions, ka danna rikodin, ka yi aikin sau ɗaya, sannan File > Automate > Batch ya maimaita shi kan folda gaba ɗaya. Abin da ya sa wannan hanyar ta zama mai yiwuwa shi ne Select > Subject da aka saka a Photoshop a 2018, don kafin nan Magic Wand ake rikodin kuma shi wuri ɗaya yake dannawa a kowane hoto ko kayan na wurin ko babu.

Yadda nake tsara shi Action biyu ne. Na farko: Layer > New > Layer from Background don a buɗe leyar, sai Select > Subject, sai Select > Modify > Contract da fiksel 1 ko 2 don a cinye ɗan layin tsohon bangon da ke maƙalewa a gefe, sai Layer > Layer Mask > Reveal Selection, a ajiye a PSD. Na biyu ya ɗauki PSD ɗin: Image > Trim kan Transparent Pixels, File > Automate > Fit Image a 1700 da 1700, Canvas Size a 2000 da 2000, a saka Solid Color fari a ƙasa, Edit > Convert to Profile zuwa sRGB, a ajiye a JPG. Lissafin 1700 cikin 2000 kashi 85 ne cikin ɗari, wanda shi ne ƙa'idar da Amazon ke nema a babban hoton kaya tare da fari zalla na 255, 255, 255, kuma ko ba can zaka sa ba ma'aunin yana da kyau a ido. Dalilin raba Action ɗin biyu shi ne a tsakani zaka duba ka gyara. In Select Subject ya yanke igiyar jaka kuma ka riga ka yi Trim, igiyar ta tafi, amma a PSD na farko tana nan ɓoye ƙarƙashin Layer Mask, farin burushi kawai zaka goga ta dawo. Wannan shi ne babban ƙarfin Photoshop a kan sauran, gyara ba ya cin lokaci.

Kuɗinsa biyan wata-wata ne, kuma ko wata ya wuce ba ka yi aiki ba sai ka biya. Wanda ya riga yana biya don wasu ayyukan bai ƙara ko kwabo ba. Wanda kuma zai je ya sauke na fashi don aikin nan kaɗai, ina roƙonsa ya karanta na ƙasa tukunna, bai kamata ka sa kwamfutar da ke ɗauke da hotunan kwastoma cikin haɗarin bairos ba alhali akwai na kyauta na halal.

Haɗarinsa kusan duk a tagar Batch yake. In ka zaɓi Save and Close a Destination, kan hotunan asali zai rubuta, shikenan sun tafi. Zaɓi Folder. Sannan akwai Override Action "Save As" Commands: in ka yi rikodin Save As da sunan fayil a ciki kuma ba ka sa alamar nan ba, hotunan duka zasu riƙa faɗawa kan suna ɗaya, ka dawo bayan awa biyu ka tarar da hoto ɗaya tak a foldar, na ƙarshe. In kuma ka sa alamar amma babu Save As a cikin Action ɗin, ba abin da zai ajiye. Ka sa alama a Suppress File Open Options Dialogs da Suppress Color Profile Warnings, a Errors kuma ka zaɓi Log Errors to File, in ba haka ba hoto na 37 ya kawo matsala zai tsaya yana jiranka har gari ya waye. Wani ƙaramin tarko: in ka danna leya da linzami lokacin rikodin, sunanta yake riƙewa, hoton da leyarsa ke da wani suna sai ya ƙi, don haka `Alt+[` da `Alt+]` ake amfani da su wajen sauka da hawa tsakanin leyoyi.

Ɗorewa matsakaiciya ce. Action ɗin da ba ka fitar ba ta Save Actions zuwa fayil ɗin `.atn` yana iya ɓacewa ranar da aka sake saita Photoshop. Kuma Select Subject yana canzawa daga wannan sigar zuwa waccan, har akwai zaɓin Device ko Cloud a Preferences > Image Processing, na Cloud ya fi kyau a gefuna amma kowane hoto sai ya bi ta intanet. Wanda yake son abin da rikodin ba zai iya ba, kamar raɗa wa fayil suna daga lambar kaya ko tsallake hoton da ya ƙi, sai ya koma rubuta sikirif na `.jsx`, amma gaskiya in har zan zauna rubuta sikirif gara in rubuta wanda ba ya buƙatar biyan wata.

ImageMagick

Wannan kyauta ne, ba shi da taga, umarni ake rubuta masa, kuma ya daɗe sosai a duniya, tun wajen 1990. Bai san takalmi ba bai san jaka ba, launi kawai ya sani. Kuskuren da kusan kowa ke fara yi shi ne `-transparent white`, wanda ke cire duk wani fari a hoton, har da farin ɗinkin takalmin da tambarin kwalba da hasken da ke ƙyalli a jikin fata. Abin da ya fi shi ne a malalo daga kusurwa kamar ruwa, ya bi bango ya tsaya inda launi ya canza:

```
magick takalmi.jpg -alpha set -bordercolor white -border 1 -fuzz 12% -fill none -floodfill +0+0 white -shave 1x1 takalmi.png
```

Lambar `-fuzz` ita ce rayuwar umarnin, tana nufin launi zai iya nisa da fari har ina a ci gaba da ɗaukarsa a matsayin bango. In ta yi ƙasa zaka ga dabbare-dabbaren toka a kusurwoyi inda haske bai kai ba, in ta yi sama ruwan ya ɓalle ya shiga cikin kayan ya cinye gefensa. Baƙin takalmi kan farin kwali da haske mai kyau yana da faɗin wuri, 10 ma ya yi 20 ma ya yi. Takalmi ruwan madara kan kwalin nan ɗaya kuwa babu lambar da zata yi, don inuwar da ke ƙarƙashinsa ta fi shi duhu. Sannan malalar ba ta shiga wurin da yake rufe, tsakanin hannun jaka da jikinta tsohon bangon zai zauna daram, kuma gefen da take bari yana da kaifi kamar an yanka da almakashi.

Saboda haka ni ban ɗauke shi a matsayin mai yanka ba sai a hotunan da aka ɗauka a tsare, wuri ɗaya haske ɗaya. Inda babu kamarsa shi ne aiki na biyu. In kana da hotunan da aka riga aka yanke a foldar `yanke`, layi ɗaya ya gama duka:

```
magick mogrify -path gama -format jpg -trim +repage -resize 1700x1700 -background white -gravity center -extent 2000x2000 -quality 90 yanke/*.png
```

Ka ƙirƙiri foldar `gama` kafin ka danna, kuma kada ka taɓa barin `-path` a baya, don `mogrify` halinsa rubutawa kan fayil ɗin da ya buɗe ne in dai suna da nau'in fayil ɗin ba su canza ba, ba ya tambaya. In a fayil ɗin `.bat` na Windows zaka ajiye umarni mai alamar kashi, sai ka rubuta ta sau biyu, `12%%`. Ranar da mai shago ya ce farin ya ishe shi yana son ruwan toka mai haske, kalmar `white` zaka canza zuwa `"#f2f2f2"` ka sake dannawa, ba sai an sake yanka ba. Ɗorewa kam ya fi kowa, layi ne a rubuce, ka tura wa wani ta WhatsApp ya yi aiki a kwamfutarsa, abin lura kawai shi ne siga ta 7 da `magick` take farawa, ta 6 kuma `convert` da `mogrify` kai tsaye.

rembg

Shi ma kyauta ne, da Python yake tafiya, kuma irin aikin Select Subject yake yi, wato an horar da shi da hotuna ya koyi gane kayan da ke gaba. A kwamfutarka yake aiki, intanet sau ɗaya yake buƙata don sauke samfurin, wato fayil ɗin da ke ɗauke da abin da ya koya, na `u2net` wajen megabait 170 da ɗoriya.

```
pip install "rembg[cpu,cli]"
rembg p -m isnet-general-use asali yanke
```

Layi na biyu zai bi duk hotunan foldar `asali` ya zuba su a `yanke` a PNG marasa bango, bai taɓa na asalin ba. Zaɓin samfuri yana da tasiri fiye da yadda mutane ke zato. `u2net` yana ƙanƙance hoton zuwa 320 da 320 ya duba shi, sannan ya buɗa abin da ya gano ya mayar kan babban hoton, toh siririyar sarƙar jaka da ke fiksel goma a hoto mai faɗin 4000 ba ta kai fiksel ɗaya ba a idonsa, shi ya sa take ɓacewa ko ta fito guntu-guntu. `isnet-general-use` a 1024 da 1024 yake dubawa, ya fi riƙe siraran abubuwa, ya kuma fi jan lokaci. Akwai `-a` da ke tausasa gefe don abubuwa masu gashi-gashi, yana taimakawa amma yana rage gudu sosai a laftof mara ƙarfi. Ka kuma duba lasisin samfurin da ka zaɓa, don akwai waɗanda ba a yarda a yi kasuwanci da su kyauta ba.

Abin da nake so da shi a wurinmu, in aka ɗauke wuta laftof ta mutu a hoto na 300, ka sake danna umarnin zai tsallake waɗanda ya riga ya fitar ya ɗora daga inda ya tsaya. Amma wannan halin yana nufin in ka canza samfuri sai ka ba shi sabuwar folda, in ba haka ba zai ga komai na nan ya ƙi sake yi. Batch na Photoshop daga farko yake komawa, shi ya sa a can nake raba hotuna hamsin-hamsin.

Wahalarsa ranar farko ce, saka Python da daidaita siga yana iya cin maka yamma guda. Rauninsa na gaske kuma gyara ne: abin da ya yanke ya tafi daga PNG ɗin, babu Layer Mask da zaka goga, sai ka koma hoton asali.

Akwai shafukan intanet irin remove.bg da ake biya kan kowane hoto. Suna aiki, ba sai ka saka komai ba, amma na kyautar ƙaramin hoto suke bayarwa, kuma hotuna 640 masu megabait 4 kowanne ya haura gigabait biyu da rabi na ɗorawa kaɗai. Ga hoto talatin babu laifi.

| | Action na Photoshop | ImageMagick | rembg |
|---|---|---|---|
| Kuɗi | biyan wata-wata | kyauta | kyauta, sai datar sauke samfuri |
| Ɗorewa | matsakaiciya, sai ka ajiye `.atn` | ta fi ta kowa | mai kyau in ka rubuta siga da samfurin da ka yi amfani da su |
| Sauƙin farawa | mai sauƙi ga wanda ya san Photoshop | sai ka saba da rubuta umarni | ranar farko da wuya |
| Sauƙin gyara | mafi sauƙi | sai ka sake lamba ka sake dannawa | sai an koma hoton asali |
| Babban haɗari | Save and Close, da suna ɗaya | `mogrify` ba `-path`, da cinye farin kaya | ɓacewar siraran abubuwa |
| Bango mai tarkace | yana iyawa | ba ya iyawa | yana iyawa |

Yanzu mu koma kan hotuna 640 ɗin, don tebur ba zai gaya maka abin da ke faruwa da kowane irin kaya ba. Abu na farko da na yi kwafar foldar asali zuwa filasha, na biyu raba hotunan gida uku bisa irin kaya, sannan daga kowane gida na zaɓi goma mafi muni na gwada a kansu. Mafi muni fa, ba masu kyau ba, don masu kyau kowace hanya zata ci su. Takalma da jakunkuna sun bi ta rembg lafiya lau, matsalar kawai jakunkuna masu sarƙa da takalman mata masu siririn maɗauri. Kwalaben turare sun yanku da kyau a gefe amma gilashi yana nuna abin da ke bayansa, waɗanda aka ɗauka kan jan kafet sun fito da ja a cikin kwalbar suna zaune kan farin bango, kuma babu ɗaya cikin hanyoyin nan uku da ke gyara wannan. Haka farin takalmin da aka ajiye kan kafet ɗin, jan ya haska a ƙasansa. Waɗannan na ce a sake ɗauka kan farin kwali, ya fi arha ga kowa. Mayafai da leshi su suka fi ban wahala, ramukan leshi ɗaruruwa ne kuma kowanne tsohon bango ne a ciki, farin mayafi kuma ko ya yanku daidai ɓacewa yake kan farin bango, dole muka yarda da mai shagon su a sa musu ruwan toka.

Wajen dubawa kar ka duba a kan fari, fari yana ɓoye kuskure. Ka jera yankakkun kan launi mai ihu, arba'in a shafi, folda-folda don kar kwamfutar ta shaƙe:

```
magick montage -label "%f" yanke/*.png -trim -background magenta -tile 8x5 -geometry 240x240+4+4 duba.jpg
```

Hotuna 640 wajen shafi 16 ko 17 kenan, kowanne da sunan fayil a ƙasansa. Guntun kwalin da ya rage, hannun jakar da ya ɓace, kayan da ya fito ƙarami a gefe saboda wani ɗigon tarkace ya hana `-trim` matsowa, duk zasu yi tsalle su shigo idonka. A nan ake sanin ainihin tsadar kowace hanya. Ko kwamfutar na cin sakan 10 kan kowane hoto, ƙasa da awa biyu ta gama kuma ba kai ke zaune ba, amma in hotuna 60 suka buƙaci hannu a minti biyar-biyar awa biyar ne naka, in 150 ne awa goma sha biyu da rabi. Don haka a gwajin hotuna goman nan, yawan waɗanda suka lalace nake ƙirgawa, ba gudu ba.

Launi kuma kar a yi wasa da shi a kayan sawa. Hotunan iPhone da Display P3 suke zuwa, in aka cire bayanin launin da `-strip` ba tare da an juya su zuwa sRGB ba sai jan atamfa ya dushe, mai saye ya karɓi kaya ya ce ba shi ya gani ba. Ka buɗe hoton asali da na ƙarshe gefe da gefe a waya, ko guda biyar ne, kafin ka miƙa.

In ka riga kana biyan Photoshop kuma kayanka irin masu buƙatar hannu ne, leshi da sarƙoƙi da gilashi, tsaya kan Action biyun nan, PSD a tsakani, don lokacin gyara ne zai cinye ka kuma a nan ya fi sauri. In kai ke ɗaukar hotunan da kanka, kwali ɗaya haske ɗaya, kayan masu duhu ne marasa ramuka kamar baƙaƙen takalman maza, ImageMagick shi kaɗai ya wadatar kuma ko tsohuwar laftof zata ja shi. In hotuna daga hannun mutane daban-daban suke zuwa da bango kala-kala, kuma aikin zai riƙa dawowa duk wata, rembg ya yanka ImageMagick ya ɗora, waɗanda suka faɗi a shafin dubawa ka gyara su da hannu a Photoshop ko GIMP, manhajar gyaran hoto ta kyauta, wannan shi ne abin da na zauna a kai a aikin 640 ɗin. Mai hoto ashirin ko talatin sau ɗaya a shekara ya biya shafin intanet ya huta. Wanda kuma rabin hotunansa kwalabe ne kan kafet, ya sayi farin kwali biyu ya sake ɗauka kusa da taga kafin ya buɗe ko wace manhaja.